HARKOKIN YAU DA KULLUM: Saƙo Ɗaya Ya Ishi Abokin Ciniki

A wannan mako filin namu zai duba wata 'yar ƙaramar al'amari wadda take ɓata ciniki ba tare da an farga ba, watau yadda ake rubuta wa abokin ciniki saƙo ta WhatsApp. Tun da wannan hanya ta fito a 2009 ta yi ta cin ƙasa, har ta kai yau da wuya ka sami ɗan kasuwa, ko tela, ko mai maɗaba'a, wanda ba ta cikinta yake karɓar aiki yana ba da labarinsa ba. Amma fa da yawanmu muna rubuta wa wanda ya ba mu kuɗinsa kamar yadda muke rubuta wa abokin hira na dandali.

Dattawanmu da suka yi zamani da wayar tangarahu sun san cewa a gidan waya kowace kalma da kuɗinta, saboda haka mutum sai ya auna maganarsa kafin ya miƙa wa akawu takarda. Yanzu kuwa kalma ta zama kyauta ga mai aikawa, amma wanda aka aika wa yana biya da lokacinsa. Abin da nake so in tsayar a yau shi ne, saƙon ciniki ya kamata ya zama guda ɗaya tak, wanda in an karanta shi shi kaɗai za a san wanda ya aiko, da abin da ya faru, da abin da ake jira daga mai karantawa.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wani mai maɗaba'a ne ya karɓi aikin buga littattafan rubutu guda 2,000 masu ɗauke da sunan wata makaranta, ya yi wa Hajiya mai makarantar alkawarin kai su ranar Alhamis 11 ga Satumba, domin yara za su koma karatu ranar Litinin 15 ga wata. Ran Talata sai injinsa ya sami matsala, ya ga guda 1,200 kaɗai za su kammala kafin Alhamis, sauran 800 sai safiyar Litinin. Lalle ne ya sanar da ita. To, ga yadda akasari akan yi.

Da farko sai ya aika da sallama kaɗai, ya tsaya yana jira. Bayan minti goma ya aika, "Hajiya ina kwana." Daga baya kuma, "Ya aiki, ya iyali?" Da ya ji shiru sai ya ƙara, "Don Allah akwai maganar da nake so mu yi." Hajiya kuwa tana cikin taron malamai, wayarta ta yi ƙara sau huɗu, ta leƙa ba ta ga komai ba sai gaisuwa daga wata lamba wadda watakila ma ba ta ajiye ba, sai ta kife wayar. Da azahar, da ya ga ba amsa, sai ya danna ya yi mata maganar murya ta minti huɗu, ya faro daga yadda wuta ta ɗauke, da yadda makaniki ya yi tafiya, da tsadar takarda, sa'an nan can wajen ƙarshe ya ambaci cewa littattafan ba za su cika ba. Ita kuwa ba za ta iya sauraron wannan a gaban mutane ba, sai bayan isha'i. Yini guda ya tafi ke nan, ba a yanke komai ba.

Yanzu ga saƙon da ya kamata a ce ya aika tun da safe:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni ne mai maɗaba'ar da ke buga muku littattafan rubutu 2,000. Injinmu ya sami matsala, saboda haka guda 1,200 ne za su kammala ranar Alhamis 11 ga Satumba, sauran 800 kuma sai Litinin 15 ga wata da ƙarfe 8 na safe. A yi mana afuwa. Kuɗin aiki bai canja ba, kuɗin motar kawowa ta biyu kuma a kanmu yake. Mu kawo 1,200 ɗin ran Alhamis, ko ku fi so a haɗa duka ran Litinin? Na gode."

Mai karatu zai ga cewa wannan saƙo ba shi da tsawo, kuma ana iya karanta shi a cikin taro ba wanda ya sani. Bari mu warware shi.

Na farko, gaisuwa tana nan. Akwai masu ganin wai gajarta saƙo shi ne a jefar da sallama a faɗa wa magana kai tsaye. Wannan a wurinmu rashin ladabi ne, kuma babban mutum yakan riƙe shi a zuci ko da bai furta ba. Abin da ake nema shi ne a yi sallama, a kira mutum da laƙabin da aka san shi da shi, Alhaji ko Hajiya ko Malam ko Injiniya, a yi masa barka sau ɗaya, sa'an nan a wuce cikin saƙon nan ɗaya. Doguwar gaisuwa ta tambayar gida da gajiya da yara ta zaure ce, inda ake amsawa nan take. A waya kuwa kowace gaisuwa da aka aika ita kaɗai tana neman amsa, kuma mai aiki ba ya da sukunin amsa biyar kafin a gaya masa abin da ake ciki. Haka nan yadda mai maɗaba'ar ya ce "muku" da "ku fi so" ya isa girmamawa, ba sai ya jera kirari ba.

Na biyu, ya faɗi ko shi wane ne da aikin da ya haɗa su. Kada ɗan kasuwa ya ɗauka cewa kowa ya ajiye lambarsa. Mai makaranta tana hulɗa da mai kawo alli, da mai ɗinka tufafin yara, da kafinta, da iyayen yara ɗaruruwa. Rabin layi ya isa ya raba ta da wahalar tambayar, "Wa ke magana?" In kuwa hira tana gudana tsakaninsu tun jiya, to, wannan ba shi da amfani, sai a bar shi.

Na uku, kuma shi ne zuciyar al'amarin, labarin ya zo da wuri, da adadi da rana. Idan saƙo ya shigo, layukan farko kaɗai ake gani a saman waya kafin a buɗe, saboda haka duk abin da aka binne a ƙasa yana iya kwana ba a gani ba. A lura kuma ya rubuta sunan rana tare da kwanan wata. Da ya ce "jibi", in Hajiya ta karanta washegari, jibin nata ba zai zama nasa ba. Da ya ce "saura kaɗan", ita za ta zaci hamsin ne, alhali kuwa ɗari takwas ne. Dalilin jinkirin ya faɗe shi da kalmomi huɗu, ya nemi afuwa sau ɗaya. Yawan bayani da maimaita ban haƙuri suna sa mai karatu ya fara zargin ko akwai abin da ake ɓoyewa. Ya kuma amsa tambayar da ya san za ta fara zuwa mata a rai, watau ko za a ce ta ƙara kuɗi.

Na huɗu, ya rufe da tambaya guda wadda za a iya amsa ta da kalma ɗaya: Alhamis, ko Litinin. Ga ma'aunin da kowa zai iya gwada saƙonsa da shi kafin ya aika: shin wanda ke tsakiyar aiki zai iya amsa wannan da babban yatsa ɗaya? In saƙo ya ƙare da "me kuke gani?" to, an ɗora wa abokin ciniki nauyin yin tunanin da kai ya kamata ka yi. In kuma an cusa tambayoyi uku, a kan ranar kawowa da cikon kuɗi da sabon aiki, sau da yawa ta ƙarshe kaɗai za a amsa, sauran su bi ruwa. Maganar cikon kuɗi ta jira nata saƙon, bayan kaya sun isa.

Daɗin daɗawa, rubutu yana da wata fa'ida da murya ba ta da ita. Bayan wata biyu, in gardama ta tashi a kan ko guda nawa aka ce, Hajiya za ta iya rubuta 1,200 a wurin bincike saƙon ya fito mata. Maganar murya kuwa sai an bi ɗaya bayan ɗaya ana saurare. A nan Nijeriya ma Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba da damar a karɓi bayanin da ya fito daga na'ura a kotu in an cika sharuɗɗa. Saboda haka farashi da adadi da rana a rubuta su, kuma a sake duba lambobin kafin a aika. Gaskiya ne tun 2023 ana iya gyara saƙo a cikin minti 15 da aikawa, amma alamar an gyara tana fitowa, kuma wanda ya riga ya karanta ya karanta. Magana zarar bunu ce.

Sai dai gajarta tana da iyaka. Ba a gutsure kalmomi irin yadda samari ke yi, a mai da sallama harufa uku, ko a amsa wa dattijo da hoton babban yatsa kawai. Wannan ba ya rage lokacin karatu, mutuncin mai aikawa kaɗai yake ragewa. Idan bayani ya yi yawa, kamar jerin farashin kaya ashirin, sai a sa shi a takarda a haɗa da saƙon, a ce a layi ɗaya ga abin da ke cikinta. Akwai kuma maganar da ba ta saƙo ba ce sam. Da a ce littattafan duka ne ba za su samu ba sai bayan an koma makaranta, to, wannan sai a kira a yi magana baki da baki, ko a taka a je, sa'an nan a biyo da ɗan saƙo mai tabbatar da abin da aka tsayar.

In an aika aka ji shiru fa? Kada a dogara da alamar nan mai shuɗi, domin akwai masu kashe ta, kuma ko ta nuna an karanta ba ta nuna mutum ya sami sarari ba. Kada kuma a bi shi da alamun tambaya a jere, ko a buga masa waya sau biyar. Mai maɗaba'ar namu ya jira har safiyar Laraba, a cikin lokacin aiki, ya aika da layi biyu: "Hajiya barka da kwana. Game da littattafan, in ba mu ji daga gare ku ba zuwa ƙarfe 4 na yamma, za mu kawo 1,200 ɗin gobe Alhamis." Da wannan ya ba ta damar yin shiru ba tare da aikin ya tsaya ba, yara kuma su sami abin rubutu ranar da suka koma.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.