Birki ba ya "shanyewa" haka kawai: zare kan direbobin firi

1/ Duk hatsarin da aka yi a gangarar Hawan Kibo, hanyar Jos zuwa Akwanga, sai ka ji an ce "birki ne ya shanye." Shikenan, an rufe magana. Ni dai na gaji da jin wannan. Sau da yawa direba ne ya dafa birkinsa da ƙafarsa. Ku biyo ni.

2/ Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Ka taka, fad ya matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta rage gudu, ƙarfen ya ɗau zafi. A cikin gari yana samun sararin hucewa tsakanin taku da taku. A doguwar gangara babu wannan hutun.

3/ Mu yi lissafi. A ce Sharon ce cike da fasinja da kaya, kilo 2,500, za ta sauko tudu mai tsayin mita 300. Nauyi sau 9.8 sau tsayi: kusan jul miliyan 7.4. Wannan zafin ya isa ya tafasa ruwa lita 23, kusan jarka guda. In ka sa firi, yawancinsa a birki zai sauka.

4/ Daga nan matsala biyu ce. Ta farko, fad ya yi zafi har ya daina kamawa. Alamarta: abin takawa yana nan da tauri, kana dannawa da ƙarfi, amma mota ba ta rage gudu, ga warin ƙauri yana shigowa ta taga.

5/ Ta biyu, man birki ya tafasa. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafarka ga taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Sai ka taka ka ji laushi, ƙafa ta nutse har ƙasa. Sabon DOT 3 sai ya wuce digiri 205 yake tafasa. Wanda ya tsufa ya zuƙi danshi, a 140 ma yana iya tafasa. A riƙa sauya shi duk shekara biyu.

6/ Maganin yana cikin motar: inji. Ka sa ƙaramar giya, ka ɗage ƙafa daga totur. Yanzu tayoyi ne ke juya inji, shi kuma yana turjewa saboda an toshe masa hanyar iska. Wannan turjiyar ce ke riƙe mota, birki ya samu hutu.

7/ Giyar da za ka hau tudun da ita, da ita za ka sauka. Manuwal: ta biyu ko ta uku. Atomatik: cire daga D zuwa 2 ko L. Tun daga saman tudu ake sawa, don in mota ta kwasa giyar ba lallai ta shiga ba. In gudu ya ƙaru, taka sosai na 'yan daƙiƙu, ka saki. Kar ka ɗora ƙafa ka bar ta.

8/ "Ai mai nake tattalawa." Haba Oga. A motar fetur mai injekta, in tana cikin giya kuma ka saki totur, na'urar motar yanke mai take yi gaba ɗaya. A firi kuwa dole inji ya sha mai don kar ya mutu. Masu kashe inji sun fi kowa ganganci: taku biyu ko uku birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi.

9/ "Motata tana da ABS." Madalla, amma aikinsa daban. Akwai na'urar da ke lura da juyawar kowace taya. In ka taka da ƙarfi taya na shirin ƙamewa ta ja ƙasa, sai ya sassauta mata ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Tayar da ke juyawa ce kaɗai ke bin sitiyari, shi ya sa kake iya kaucewa.

10/ In ka ji abin takawa na karkarwa, aiki yake. Danne, kar ka saki, kar ka yi famfo. Amma ABS ba ya sanyaya birki. Birkin da ya ƙone ba shi da ƙarfin ƙame taya ma, to me ABS zai sassauta? A yashi ko tsakuwa kuma, tazarar tsayawa na iya ƙaruwa.

11/ Ka ji ƙauri ko laushi? Rage giya ɗaya bayan ɗaya, ja birkin hannu a hankali, ka samu wuri ka tsaya har ya huce. Kar a watsa ruwa, faifan na iya lanƙwashewa ko tsagewa.

12/ Mu fasinjoji ma da namu. Muna ji inji ya yi tsit a gangara, mota na ƙara gudu, amma kowa ya yi gum kar a ce ya cika tsoro. Ka buɗe baki: "Direba, don Allah sa mata giya." In ya ji haushi, ya huce a Akwanga.