Raddi ga masu cewa hedimasta ba shi da abin yi sai albashi ya gyaru

 Akwai wata magana da take yawo a tsakanin malaman firamare na gabashin Birnin Gwari, kuma na ji wani ɗan'uwa mai ilimi ya tsara ta a gaban jama'a. Ya ce malamin da aka tura Damari ba abin da zai sa ya yi aiki da zuciya ɗaya sai kuɗi da tsaro, kuma tun da hedimasta ba ya biyan albashi, ba ya riƙe da bindiga, to ya naɗe hannu ya jira gwamnati. Ina girmama mai maganar, amma rabinta gaskiya ce, rabinta kuwa tana cutar da 'ya'yanmu.

Hujjarsa ta farko ita ce wanda yake tsoron ransa ba ya koyarwa. Wannan ban musa ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare a ƙauyen Rama suka tafi da malamai uku, kuma a 2022 mutanen Damari da yawa sun bar gidajensu da gonakinsu. Wanda ya ce wa malami a irin wannan hali ya ƙara himma bai yi masa adalci ba. Inda ɗan'uwana ya kuskure shi ne zaton cewa idan tsoro ya tafi, himma za ta zo da kanta. Bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, hanya ta samu sauƙi. Sauƙin hanya yana iya dawo da malami aji. Ba shi ne yake sa malamin ya zauna da yaron da ya kasa haɗa baƙi da wasali har sai ya iya ba.

Wannan bambanci shi ne abin da Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar a 1959. Sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh na Amurka su ba da labarin lokacin da suka ji daɗin aikinsu ƙwarai, da lokacin da suka ji ɓacin rai ƙwarai. Sai aka ga amsoshin ba hanya ɗaya suka bi ba. Labaran ɓacin rai yawanci sun ta'allaƙa ga abin da ke kewaye da aiki: dokokin ma'aikata, halin shugaba, albashi, yanayin wurin aiki. Labaran jin daɗi kuwa sun fito daga aikin kansa: cim ma wani abu, a san ka yi shi, a damƙa maka amana, ka ci gaba. Kashi na farko Herzberg ya kamanta shi da tsafta, domin share kwata yana hana cuta, amma ba ya ƙara wa mutum ƙarfi.

Hujjar ɗan'uwana ta biyu ita ce a ƙara albashi kawai, komai zai daidaita. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, kuma haƙƙi ne da ya wajaba ya isa hannun kowane malami a kan lokaci. Amma duk wanda ya taɓa karɓar ƙari ya san cewa bayan wata biyu ko uku ya zama abin da aka saba da shi, kuma tsadar masara da kuɗin mashin suna cinye shi. Rashinsa yana kore mutum, samunsa yana tsayar da ƙorafi na ɗan lokaci. Haka tsoratarwa take. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, tsoron kora iyakarsa ya sa mutum ya sa hannu a rajista da sassafe.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, wato cewa hedimasta ba shi da komai a hannunsa. Mu ɗauki makaranta mai aji shida da malamai huɗu, irin wadda ba baƙuwa ba ce a karkara. Malami ɗaya yana fashin Litinin da Juma'a, kuma ya riga ya rubuta takardar neman canjin wuri. Wani kuma ba ya fashi ko kwana ɗaya, amma yana rubuta darasi a allo ya fita ya zauna a gindin bishiya. Waɗannan cututtuka biyu ne daban, kuma wanda ya ba su magani ɗaya zai yi asarar maganin.

Na farko matsalarsa a kewayen aiki take. Idan aka bincika, sau da yawa iyalinsa suna wani gari, ba shi da ɗakin kwana a Damari, kuma yana gudun tafiyar yamma. Hedimasta yana iya zama da mai gari da kwamitin kula da makaranta a samar masa ɗaki. Yana iya tsara jadawali ta yadda darussansa na Juma'a za su zo da safe. Idan takardar ƙarin girmansa ta maƙale a ofishin Sakataren Ilimi, hedimasta ya bi ta da ƙafarsa. Kuma ya raba aiki da adalci, domin ba abin da ke ɓata zuciyar ma'aikaci kamar ya ga an sauƙaƙa wa na kusa da shugaba. Duk waɗannan ba su buƙatar kasafin kuɗi.

Na biyu kuwa, ko an ba shi ɗaki da katifa ba zai tashi daga gindin bishiyar ba, domin abin da ya rasa shi ne ganin amfanin aikinsa. A damƙa masa karatun Hausa na aji ɗaya da aji biyu gaba ɗaya, a bar shi ya zaɓi yadda zai rarraba yaran. A farkon zango ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta nawa ne suke iya karanta kalma. A ce yara 60 ne, takwas suka iya. A ƙarshen zango ya sake gwadawa da hannunsa. Idan sun zama ashirin, hedimasta ya faɗi adadin da sunan malamin a gaban iyaye. A nan akwai amana, akwai sakamakon da ido ke gani, akwai yabo a kan abin da ya tabbata. Sai dai a kiyaye: ƙara wa mutum aji ba tare da ba shi ikon yanke shawara ba ɗora kaya ne kawai, kuma yabon da ake raba wa kowa ba tare da dalili ba ba a daɗewa malamai suke gane cewa fatar baki ce.

Daga ƙarshe ɗan'uwana ya ce binciken Bature a kan injiniyoyin Amurka bai shafe mu ba. Akwai suka mai ƙarfi a kan binciken, kuma masana sun daɗe da yin ta: ɗan Adam yakan jingina nasara ga kansa, ya jingina matsala ga shugaba, don haka salon tambayar yana iya haifar da rabon. Kuma ga mai ƙaramin albashi, kuɗi yakan zama alamar mutuntawa. Na karɓi wannan duka. Shi ya sa ban ce a ɗauki rabon a matsayin doka ba. Na ce a yi gwajin a gida: hedimasta ya kira kowane malami shi kaɗai, ya tambaye shi ranar da ya fi jin daɗin aikin nan da ranar da ya fi jin kamar ya ajiye alli, ya rubuta amsoshin a shafi biyu, sannan ya ware abin da ke hannunsa daga abin da zai kai gaba.

Ina kira ga hukumomin ilimi su sauke nauyin albashi da tsaro, kuma ina roƙon hedimastocin Damari da kewaye su yi waɗannan tambayoyi biyu kafin zangon nan ya ƙare. Allah ne Mafi sani.