Kwatance ya gaza, shugabannin ƙananan hukumomi ku sa wa gidajenmu lamba

Ka tambayi mutumin Gummi ina gidansa yake, ka ji amsar da zai ba ka. Zai ce in ka wuce masallacin Juma'a ka bi lungu na biyu hannun dama, za ka ga mai shayi, ka miƙe har injin markaɗe, gidan yana kallon wata dalbejiya, ƙofar shuɗiya ce, in ka rasa ka tambayi yara. Haka ake yi a Anka, haka ake yi a Bukkuyum. Da wannan ake tura mai kabu-kabu ya ɗauko ungozoma da tsakar dare, da shi ake kiran mota ta ɗauki mai naƙuda. Ni abin ya daɗe yana ƙona mini rai, domin an mayar da sakaci al'ada, har wasu na cewa ai mu haka muka gada.

Mu bi kwatancen nan daki-daki mu ga inda yake ɓallewa. Wane masallacin Juma'a? Garuruwanmu sun wuce zamanin masallacin Juma'a guda, akwai na fada, akwai na Izala, kuma kowa nasa yake nufi in ya ce masallaci. Hannun dama na wa? Mai kwatance yana lissafi ne daga inda ya saba fitowa, baƙon da ya shigo ta hanyar Daki Takwas kuwa damansa na iya zama hagun mai gida. Mai shayi da safe da dare yake kafa tebur, da azahar babu shi. Injin markaɗe ana sayar da shi a kwashe. Dalbejiya kuwa kusan kowane lungu da tasa, kuma gatari ɗaya ya ishe ta. Saboda haka duk alamomin nan ba su ne suke kai baƙo gida ba. Abin da yake kai shi shi ne kalmar ƙarshe, wato ka tambaya.

To tambayar ce ta mutu a yammacin Zamfara, kuma duk wanda ke zaune a nan ya san dalili. A da, baƙo ya tsaya bakin majalisa ya yi sallama ya ce, “Don Allah baba, ina gidan Alhaji wane?” sai dattijo ya ce, “Kai yaro, raka bawan Allahn nan.” Yau wanda ya yi wannan tambayar kallon infoma ake yi masa. Za a ce masa ba a san mai sunan ba, alhali ga ƙofar gidan can ana hangowa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutanen da aka sace wa 'yan'uwa, aka karɓe musu kuɗin fansa, ba za ka ce su nuna wa baƙuwar fuska gidan maƙwabci ba. Amma sakamakon shi ne malamin asibiti da direban motar ɗaukar marasa lafiya da ɗan aike duk sun faɗa cikin wannan zargi tare da ɓarawo.

Sai a ce ai akwai waya, in ka iso ka kira a fito a tarye ka. Mun manta da watan Satumba na 2021 ke nan, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga? A lokacin wa ka kira? Ko yanzu, sau nawa sabis ke ɗaukewa, ko caji ya ƙare saboda babu wuta? Ga kuma ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024, ta rushe gidaje masu yawa. In katanga ta faɗi, shuɗiyar ƙofa ta tafi da ruwa, da me mai rabon tallafi zai gane cewa nan ne gidan da aka rubuta? A irin wannan ruɗanin ne sunan wani yake fitowa sau biyu, na gwauruwar da ba ta da mai magana kuma ya ɓace. A Anka ma, garin ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka, an buɗe sababbin shiyoyi, mazaunansu ba su san juna ba balle su yi wa wani kwatance.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne aikin yana da mai shi, a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Ba a ce gwamna ba, ba a ce Abuja ba. Tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996, an yi ciyamomi, an yi kantomomi, an yi kansiloli, kowa ya zo ya wuce. Masu karɓar haraji ba su taɓa ɓatan hanyar shago ba. Ranar zaɓe ma ba a rasa gidan kowa.

Kada wani ya ce mini ba zai yiwu ba a lungunanmu. Masu allurar shan-inna sun shekara da shekaru suna bin gida-gida da alli, suna rubuta alama a jikin bango, mai duba aiki ya biyo baya ya karanta ya san an shiga ko ba a shiga ba. A 2010, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa gida-gida suka bi, don ba a yin irin wannan aiki da ka-tambayi-yara. Abin da alli ya iya, fenti zai iya.

Yadda za a yi ba ɓoyayye ba ne. A ɗauki shiyya guda, kansila da mai unguwa su zagaya da ƙafa, su rubuta kowane titi da lungu da sunan da jama'a suka riga suka san shi da shi. Nan ne ake yawan ɓata aiki, sai a liƙa sunan ɗan siyasa a allo, mutane su ci gaba da kiran tsohon suna, a ƙare da suna biyu maimakon ɗaya. Sannan a tsayar da mafari guda, misali bakin babban titi, a ƙirga daga nan zuwa ciki, 1 da 3 da 5 a hagu, 2 da 4 da 6 a dama. Fili ko kango shi ma a ba shi lambarsa, don kada ranar da aka gina lissafi ya rikice. Gidan gandu mai sassa da yawa, lambar ta ƙofar zaure ce, sassan a bambanta su da harafi. A rubuta da fentin mai a saman ƙofa inda yaro ba zai kankare ba, a buɗe rajista, kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a sakatariya, ɗaya a babban asibiti. A nuna wa 'yan kabu-kabu tsarin a tasharsu, su ne za su koya wa gari.

Na ji masu cewa lamba za ta sauƙaƙa wa 'yan bindiga. Wannan magana ba ta da tushe. Ɓarawon daji da infomansa yake zuwa, ɗan gari wanda ya san har ɗakin da kake kwana. Rashin lamba bai taɓa tare shi ba, mai kawo ɗauki kaɗai yake tarewa. Rajistar mai sunayen masu gida ita ce abin killacewa, kuma bango lamba kawai zai ɗauka, ba suna ba.

Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ku kuɗinku kai tsaye. Ko sun iso cikakku ko ba su iso ba, kuɗin fenti da allon ƙarfe bai fi ƙarfinku ba. Ku zaɓi shiyyar da ke kusa da babban asibiti a kowane gari, ku nemi goyon bayan masu martaba sarakuna, ku fara kafin damina ta sake faɗuwa.