Mai fassara tambaya ba shi da izinin sauƙaƙa ta

A Kurmin Mashi da ke Kaduna, kamar sauran unguwanni, ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO yakan ɗauki hoton tsohuwar takardar jarrabawa, ya tura wa yayansa don ya fassara masa umarnin da Hausa. Wasu yayyen sukan ce ma'ana ake nema, ba kalma ba. Wannan hujja ba ta da tushe a takardar lissafi.

A ce amsa ta fito 0.04567. Idan takarda ta nemi gurbi biyu bayan ɗigo, amsar 0.05 ce. Idan muhimman lambobi biyu ta nema, ana tsallake sifilan farko, amsar ta zama 0.046. Wanda ya dunƙule umarnin biyu ya ce "taƙaita zuwa lamba biyu" ya ƙirƙiro tambayar da ba a yi ba, yaro kuwa zai rasa maki alhali lissafinsa daidai ne.

Hoton ma yakan ci amana. Gefen takarda ya yanke, ya tafi da kalmar da ke nufin "aƙalla", sai "aƙalla ɗaya daga kowane sashe" ya koma ɗaya tak. Inda jimla ta gutsure, aikin mai fassara shi ne ya sa a sake ɗauko hoton, kada ya cike giɓin da zato.