Wasiƙar Neman Biza: Takardunka Su Yi Magana Da Baki Ɗaya

A makon jiya wani malamin makaranta da ke koyarwa a Paikon Kore, cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, ya zo mini da jakar takardu. Yana so ya ziyarci wansa da ke zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa a lokacin dogon hutu. An riga an buga masa wasiƙa a wani shagon buga takardu, irin wadda ake sauya suna kawai a miƙa wa kowa. Da na karanta sai na ce masa kada ya kai ta. Dalilan da na ba shi su ne zancenmu na yau.

Da farko ya kamata mu san wanda ake rubuta wa. Jami'in ofishin jakadanci bai san ka ba, takarda kaɗai zai gani. Abu uku yake nema: me za ka je yi, wa zai biya, kuma me zai komo da kai gida. Idan an hana mutum bizar Shengen, watau wadda ake shiga Faransa da Jamus da maƙwabtansu da ita, akan ba shi takarda mai jerin dalilai, a yi alama a kan nasa. Biyu daga ciki sun shafi wasiƙa kai tsaye: ba a gamsu da manufar tafiyar ba, ko kuwa ana shakkar mutum zai fita kafin bizarsa ta ƙare. Kuɗin neman kuwa, wanda ya koma Yuro 90 tun watan Yuni na 2024, ba a mayar wa wanda aka hana. Ga mai albashi wannan ba ƙaramar asara ba ce.

To, ga abin da na gani a jakar malamin. Wasiƙar ta ce yawon buɗe ido za shi na mako uku. Takardar izni daga wurin aikinsa ta ba shi mako biyu. Takardar shaidar masauki da wansa ya karɓo daga ofishin magajin garinsu, wadda Faransa ke bukata ga baƙon da zai sauka gidan wani, ta nuna ziyarar dangi ce. Takarda uku, magana uku. Malamin bai yi niyyar ƙarya ba, amma jami'in da ya ga haka ba shi da hanyar sanin zuciyarsa.

Sai muka ajiye wasiƙar, muka fara da jadawalin tafiya, domin daga gare shi kome ke fitowa. Shafi ɗaya ya isa, a ja layi huɗu: kwanan wata, gari, wurin kwana, da abin da za a yi. Nasa ya zama haka. Ranar 2 ga Agusta da dare zai tashi daga Abuja. Ranar 3 zai sauka Paris, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Liyon, tafiyar kamar awa biyu. Daga 3 zuwa 11 yana gidan wansa, da cikakken adireshi kamar yadda yake a takardar masauki. Ranar 12 zai koma Paris ya kwana biyu a otal ɗin da ya kama. Ranar 14 zai taso gida, kuma izninsa bai ƙare ba sai 15. Ka'idar ita ce kada a bar dare ko ɗaya da ba a san inda za a kwana ba, kada kuma a cusa garuruwa don burgewa. Da zai leƙa wata ƙasar Shengen, lalle ne ya nema a ofishin ƙasar da zai fi daɗewa, in kuma kwanakin sun zo daidai, ta wadda zai fara shiga.

Daga jadawali sai lissafi. Faransa ta ƙayyade abin da baƙo zai nuna na guzuri kowace rana: Yuro 32.50 ga mai takardar masauki, Yuro 65 ga wanda ya kama otal. Kwana tara a Liyon sun tashi Yuro 292.50, kwana uku a Paris Yuro 195, jimla Yuro 487.50. A kan wannan za a ɗora kuɗin jirgin sama da na ƙasa, da inshorar lafiya wadda ba za ta gaza ta Yuro 30,000 ba, kuma ta rufe dukan kwanakin. Wannan jimlar ce za a juya zuwa Naira bisa canjin ranar, a auna ta da abin da ke asusunsa.

A nan ne muka tarar da babban tarko. Albashinsa Naira 180,000 ne, yana shiga kowane ƙarshen wata, kuma takardun albashi sun yi daidai da bayanin banki na wata shida. Amma a watan Mayu Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu sun faɗo lokaci guda. Saniya ya sayar. Jami'in da bai san haka ba zai ɗauka aro aka yi don a cika ido. Maganinsa layi biyu ne a wasiƙa: a faɗi ranar, da adadin, da asalin kuɗin, a haɗa da takardar cinikin. Wanda kuwa aron ya yi da gaske, gara ya dakata ya yi tari, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai yanzu muka rubuta wasiƙar, da Ingilishi mai sauƙi, shafi ɗaya, sakin layi biyar. Na farko: suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, irin bizar, da ranar shiga da ta fita. Na biyu: manufa a jimla ɗaya, watau ziyarar wansa da kwana biyu a Paris. Na uku: aikinsa, shekarar da aka ɗauke shi, albashinsa, da ranar da zai koma bakin aiki. Na huɗu: wa ke biyan me, wansa masauki da abinci, shi kuma tikiti da otal da inshora, tare da bayanin kuɗin saniya. Na biyar: abin da ya bari a gida, matarsa da 'ya'yansa da ajinsa da ke jiran sabon zango a watan Satumba. A ƙasa ya jera takardun da ya haɗa, kowacce da lamba, ya sa hannu. Roƙo da rantsuwa da kirarin ƙasar Faransa duk muka share, domin ba hujja ba ne.

Wasiƙa mai kyau ba ta tilasta wa kowa ya ba ka biza, ba ta kuma cike gurbin takardar da babu. Aikinta ta hana a yi maka mummunar fahimta. Ana karɓar nema tun wata shida kafin tafiya, hukunci yakan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45, saboda haka na ce wa malamin kada ya jira watan Yuli. Kafin ya tafi na sa shi ya baza takardun a kan tabarma, ya bi kowane kwanan wata da kowane adadi da yatsa, daga wasiƙa zuwa shaidarsa. A nan ya gano inshorarsa ta ƙare ranar 13, saura kwana ɗaya ya taso. Ya koma a gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.