Saƙon ƙarfe 11:40 na dare

Wata ƙanwata a Barnawa, da ke yi wa wani kamfanin Legas aiki daga ɗakinta, ta nuna mini wayarta tana kuka. Shugabanta kan turo saƙo ƙarfe 11:40 na dare, ya fara da maganar aiki, ya ƙare da tambayar wace riga ta sa. A kiran bidiyo kuwa, sai kowa ya fita ya ce ta dakata, ta gyara kyamara ya gan ta sosai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kunya ta sa ta goge rabin saƙonnin. Ni a ganina, shiru ba kawaici ba ne a nan, gogewa kuma taimakon azzalumi ce. Shawarata ita ce, in ya turo saƙo ta ɗauki hoton fuskar waya nan take, lambarsa da ranar da lokacin duk su fito, kafin ya danna Delete for everyone. Sannan ta yi Export chat, ta aika wa imel ɗinta na kanta, domin na ofis ana iya rufe shi a wuni ɗaya. Kiran bidiyo ba ya adana magana, don haka da an gama ta rubuta abin da ya faɗa, da waɗanda suka fita kafin nan. Wayar ma kada ta sayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da hujjar ta fito daga ciki kafin kotu ta karɓa.