"Yi haƙuri" kaɗai ba ta mayar da yaro aji

Mu malamai muna da wata al'ada da nake ganin ya kamata mu rage. Da uba ya shigo da fushi, sai mu tare shi da "Alhaji, yi haƙuri", mu yi ta maimaitawa har ya gaji ya tafi. A ganina wannan kalma, in ta zo ita kaɗai, ɗora wa wanda aka ɓata wa rai wani sabon kaya take yi.

Na koyi haka ne a wata makarantar kuɗi a Birnin Ƙonni, lokacin da nake riƙe da littafin biyan kuɗi. Wani manomin albasa daga Galmi ya shigo da safe, takardar shaidar biya a hannu, murya har bakin ƙofa. Ya biya jika goma sha biyar tun watan Oktoba, amma jiya an kori ɗansa daga aji a gaban ƴan uwansa, wai bai biya ba.

Raina ya so in ce ba ni na kore shi ba. Gaskiya ce kuwa, sai dai mutumin bai biya kuɗin mota daga Galmi don ya ji wane ne ba shi da laifi ba. Na ba shi kujera, na bar shi ya ƙare, sannan na ce: "Alhaji, an kori ɗanka jiya alhali ga takardarka da hatiminmu. Wannan bai kamata ba. Yanzu zan kai shi aji da kaina. Kafin azahar zan gwada lambar takardar nan da littafi, in kira ka in gaya maka abin da na gani."

Ku lura, ban ce mun ci kuɗinsa ba, ban kuma ce kuskuren wane ne ba, domin ban duba ba tukuna. Abin da ido ya gani na amsa: takarda, hatimi, da yaron da ke waje. Alkawarin ma na tsayar da shi kan abin da ke hannuna. Da na ce za a hukunta wani, da na yi ƙarya, don wannan ikon shugaban makaranta ne.

Wasu abokan aiki sun ce amsa laifi yana zubar da girman makaranta, gobe kowa ya zo da tsawa. Ban ga haka ba. Wanda ke dawowa da tsawa shi ne wanda aka sallama da "za mu duba", babu rana, babu sunan mai dubawa.

Da na duba, ashe an rubuta kuɗin a gaban sunan wani yaro mai suna irin na ɗansa. Ƙarfe ɗaya na kira shi, na faɗa masa, na ƙara da cewa malamin ajin zai sanar a gaban yara cewa kuskuren namu ne. Ya yi shiru kaɗan, sai ya tambaya ko yaron ya ci abinci.